Me za mu kira baƙin garin nan na cikin firinta?

Sagir, Makka:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a wani ofishi mai hidimar alhazai da masu Umara a wajen Misfala, kuma fiye da rabinmu Hausawa ne, wasu daga Najeriya, wasu daga Nijar, wasu a nan aka haife su. Mai gidanmu ya ce in rubuta 'yar gajeriyar sanarwa da Hausa a manna a jikin bango kusa da firinta, saboda takarda da abin bugawa suna ƙarewa kamar ana sha. Ta Larabci tana nan tun bara, ba mai karanta ta. Na fara rubutu sai na tsaya a kalma ɗaya: abin nan da masu gyara ke kira tona. Na so in rubuta tawada kawai, amma akwai dalilin da ya hana ni. Firinta biyu gare mu, babba mai leza da ƙarama mai tawadar ruwa wadda muke fitar da hotuna da ita. Watan jiya aka aiki yaron ofis ya sayo "tawadar firinta", ya je kanti ya ce hibir, aka ba shi kwalabe huɗu na ruwa, alhali babbar ce ta tsaya. Ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa masa ya sayo. To wace kalma zan sa wadda kowa zai gane ba tare da an sake irin wannan ba?

Hajiya Rabi, Jidda:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban ga abin wahala ba. Tawada tawada ce. Larabawan da muke zaune da su hibir suke ce wa duka biyun kuma duniya ba ta tashi ba. Ka rubuta tawadar babbar firinta da tawadar ƙaramar firinta, shi ke nan.

Sagir, Makka:
Hajiya, na yi tunanin haka. Amma idan gobe aka canza injin, ko aka kawo na uku, sanarwar ta tashi aiki. Kuma akwai dokar da ta shafi garin kaɗai, kamar yadda ake yi idan ya zube.

Nura:
Ku rubuta tona kawai mana. Kowa a Kano da ke sana'ar fotokwafi haka yake cewa.

Malam Ilyasu:
Nura, a baki tana tafiya, a rubuce ne take ba da matsala. Ka rubuta "a rage ɓarnar tona" a bango, dattijon da bai taɓa buɗe firinta ba zai tambaye ka me ake tonawa. Kalmar ta riga ta sami mai ita a Hausa.

Malam Sagir, shekara goma sha ɗaya ina gyaran waɗannan injuna tsakanin Jidda da Makka, bari in faɗi yadda abin yake, wataƙila sunan ya fito da kansa. Abin da ke cikin babbar firintarku ba ruwa ba ne ko kaɗan. Gari ne mai laushi fiye da fulawa, an haɗa shi da roba da baƙin launi. A cikin injin akwai wani gangan silinda da ake caja da lantarki, hasken leza ya zana rubutun a jikinsa, garin ya manne a inda aka zana kawai, sannan ya sauka a kan takarda. A wannan lokacin da za ka shafa da yatsa sai ya goge. Daga nan takardar ta bi ta tsakanin wasu rodi biyu, ɗaya mai zafi da ya kusa digiri 200, robar ta narke ta kama takarda. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Shi ya sa kuma idan garin ya zube a riga ake kakkaɓewa a wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da shi zai yi ya zauna a zaren har abada.

Ni shawarata garin tawada. Gari ya nuna busasshe ne, tawada ta nuna aikinsa. Ɗayar kuma a ce tawadar ruwa. Yaron da aka aika ba zai sake dawowa da kwalba ba idan an ce masa gari.

Usman Mai Wurno:
Malam Ilyasu ya tuna mini da gida. Mu a Sudan, a halwa, wato makarantar allo, tawadar allo amar muke ce mata, kuma da baƙin gindin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro. Wato baƙi da abin da zai manna shi. Ashe wannan injin ma dabarar ɗaya ce, roba ce kawai ta tsaya a matsayin ƙaro. Saboda haka ni ban yarda a cire kalmar tawada daga sunan ba. Wani abokina ya ce a kira shi kwalli don kamanninsu, na ce a'a, kwalli na ido ne, kada wata rana a ji labari maras daɗi.

Zainab A.:
Ni hodar tawada ta fi kwanta mini. Gari yana kai hankalina ga abinci, garin tuwo, garin kwaki. Kuma "garin tawada" a rubuce wani zai iya karanta shi kamar sunan wani gari.

Malam Ilyasu:
Malama Zainab, maganarki ta biyu tana da ƙarfi, ban yi tunaninta ba. Amma muna cewa garin magani, garin lalle, garin siminti, ba wanda ya ɗauka na ci ne. Kuma jimla ce ke raba gardama: "idan garin tawada ya zube" ba wanda zai zaci birni ne ya zube. Hoda kuma ita ma ta fuska ce a kunnen mutane da yawa.

Nura:
To ni dai ko me aka kira shi, maganin ɓarnar ɗaya ne. Ku sa kowa ya riƙa bugawa gaba da baya. A shagon yayana da muka koma haka, komai ya ragu da rabi, takarda da tonar duka.

Malam Ilyasu:
Takarda ta ragu da rabi, ƙanena, wannan gaskiya ne. Garin bai ragu da ko ƙwaya ba, domin rubutun da za a zuba shi ne dai, an juya takardar ne kawai. A nan ne ma na ga amfanin raba sunayen a cikin sanarwar, don mutane su san dokar takarda daban, dokar gari daban.

Ɗauki jerin sunayen alhazai mai shafi 12 da za a raba wa mutum shida. Fuska ɗaya, takarda 72 ke nan. Gaba da baya, 36, amma gari na shafi 72 ya tafi. Idan kuma aka shiga Pages per sheet aka zaɓi 2, sannan aka haɗa da gaba da baya, takarda 18 ta isa, garin ma ya ragu kusan rabi tunda rubutun ya ƙanƙance. Iyakarsa ita ce ido: jeri mai lambobin fasfo da direban bas zai karanta da dare, kada a ƙanƙanta shi, kuskuren lamba ɗaya ya fi rim guda tsada.

Abin da ke cinye gari a ofisoshi irin naku kuwa ba wasiƙu ba ne, kwafin fasfo ne da igama. Adadin shafukan da ake rubutawa a jikin kwalin garin, an ƙiyasta shi ne a kan shafin da rubutu ya rufe kashi 5 cikin ɗari kawai. Fasfo yana da kauri, mutane sai su bar murfin injin a buɗe, duk filin da ya rage ya fito baƙi ƙirin. Shafi ɗaya irin wannan yana iya shan garin shafuka goma sha wani abu. Duk ofishin da na je suna kukan an sayar musu da jabu, kwandon shara nake fara dubawa. Idan na ga takardu masu baƙin gefe, na san inda garin ya tafi.

Sagir, Makka:
Wallahi Malam kamar ka leƙa kwandonmu. Saura abu ɗaya: baƙar robar nan da garin ke ciki, wadda ake zarowa a sa sabuwa. Katirij zan rubuta?

Usman Mai Wurno:
Kurtu! Abin da almajiri ke zuba tawada ai kurtu ne. Kurtun gari.

Zainab A.:
Baba Usman, yaran da aka haifa a nan ba su taɓa ganin kurtun tawada ba, na Najeriya kuma sabon soja za su tuna. Ni gidan tawada zan ce.

Hajiya Rabi, Jidda:
Kurtu kalmarmu ce ta asali, in ba a sa ta a irin wannan wuri ba a ina yaran za su ji ta? Na sauka daga maganata ta farko, na bi garin tawada, amma a ba ni kurtu.

Malam Ilyasu:
A nan ba ni da tsayayyen ra'ayi. A kanti dai lambar da ke jikinsa ce za ta yi aiki, a ɗauki hotonta a waya kafin a fita.

Sagir, Makka:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta, ku duba mini kafin in manna:

Sanarwa ga ma'aikata. Babbar firinta da garin tawada take aiki, ƙarama da tawadar ruwa. Kafin ka buga, ka duba Print Preview, ka zaɓi shafukan da kake buƙata kaɗai. Duk abin da ya wuce shafi ɗaya a buga shi gaba da baya. Takardun cikin gida a kunna musu Toner Save, amma ban da waɗanda za a kai wa hukuma. A rufe murfi kafin a yi kwafin fasfo ko igama, idan bai rufu ba a shimfiɗa farar takarda a kai. Idan rubutu ya fara dusashewa, a zaro gidan garin a jijjiga shi a hankali hagu da dama a mayar, kada a buɗe sabo sai ya daina amsawa. Takardar da aka buga fuska ɗaya a ajiye ta a tire don rubutun hannu. Idan garin ya zube, a goge da tsumma mai danshin ruwan sanyi.

Zainab A.:
Ta yi kyau, Yaya Sagir, amma ka gyara layin tiren. Kwafin fasfon alhaji ba takardar da za a juya a rubuta lissafin shayi a bayanta ba ce. Ka ƙara cewa duk mai ɗauke da suna, hoto ko lambar mutum a kai ta injin yayyagawa.

Sagir, Makka:
Na ƙara yanzu. Na bar "gidan gari" a wannan bugun, na rubuta kurtu da biro a gefensa saboda Hajiya da Baba Usman. Ranar Lahadi idan an dawo aiki zan saurara in ji wanda bakin mutane ya ɗauka.