Neman kalma: me za mu kira "somatizeshan" kafin Juma'a?

Mai shirin lafiya: Jama'a ku cece ni. Ranar Juma'a zan gabatar da shiri a rediyo nan Katsina, likitan da na gayyata kuma sai maimaita "somatizeshan" yake yi. Nufinsa mutum ya zo da ciwon kai, nauyin ƙirji ko zafin tafin ƙafa, a auna ba a ga komai ba, ashe damuwa ce. Na rubuta "ciwon zuciya", na goge.

Anti Nas: Gara da ka goge, ƙanena. Ka ce haka, gobe a cika layin masu hawan jini. A ɗakinmu ba wadda ke cewa tana baƙin ciki. Wata mai jego ta ce mani kamar kiyashi na yawo a kanta, barci ya ƙaurace mata, ta sha maganin shawara har ta gaji. Sai da na ce "Tunani ya yi maki yawa?" ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Ka ce "damuwa mai fitowa ta jiki".

Malamin Hausa, Daura: Wannan ai jimla ce, Hajiya. Daga mutum mun sami mutuntawa, to daga jiki: jikantawa.

Ɗan Kofar Ƙaura: Malam, tsohuwa ta ji "jikanta" ai jikanta za ta waiwaya nema! Ba sammu ake nufi ba dai?

Malamin Hausa, Daura: Da daga Kano kalmar ta fito da tuni kun haddace ta. Mu da muke tushen Hausa kullum sai an raina namu.

Likitan ƙwaƙwalwa: Allah ya huci zuciyar Malam. Ni kalmar Turancin kanta nake tuhuma. Tana ɗauka cewa ciwon gaskiya a rai yake, jiki mayafi ne kawai. Mai jegon nan ba ɓoyo take ba, abin da take ji ta faɗa. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, Raymond Prince, ya bayyana ɗaliban Nijeriya masu kukan zafin kai da kasa fahimtar karatu. Mutanen Shona a Zimbabuwe suna cewa kufungisisa, yawan tunani, kusa da namu. Duba PHQ-9, takardar auna baƙin ciki da muke amfani da ita: tambayoyi 9 kan makonni 2 da suka wuce, akwai barci, gajiya da cin abinci, amma babu zafin jiki ko abu mai yawo a kai. Ka kuma tambayi dattijuwa ko ta fid da rai, za ta ce subhanallahi, Musulmi ba ya fid da rai. Makinta ya sauka, ciwon yana nan. Kuma a fara duba ƙarancin jini, suga da maƙoƙo kafin a ɗora wa tunani.

Mai shirin lafiya: To likita, zan ce "damuwar da jiki ke faɗa", in bi da misalin kiyashin Anti.

Malamin Hausa, Daura: Yi yadda ka so. Ni dai jikantawa zan koya wa ɗalibaina ranar Litinin.