Tari ne ya gaza, ko huhu ne ba ya karɓar iska?

Ɗalibar jinya, 'yar aji uku:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Jiya an ba ni wani dattijo mai nimoniya in rubuta masa tsarin jinya, sai na rubuta cewa matsalarsa kasa fitar da kaki daga hanyar numfashi ce, amma malamarmu ta soke, ta ce tangarɗar musayar iska a huhu ya kamata in sa. Yana numfashi sau 28 a minti ɗaya, kuma na'urar yatsa tana nuna SpO2, wato yawan oksijin a jini, kashi 89 cikin ɗari. Ina roƙon waɗanda suka gamu da irin wannan su gaya mini yadda suke rarrabewa.

Sista mai kula da ɗakin tiyata na maza:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Lambobi biyun da kika kawo ba za su raba gardama ba, domin duk matsalolin biyu suna iya kawo su. Abin da nake yi shi ne in saurari ƙirji, in sa majiyyaci ya yi tari, sannan in sake saurare. Na taɓa jinyar wani magidanci kwana biyu bayan an yi masa tiyatar ciki. Ƙirjinsa yana gurnani ta sama, ana ji ko ba a ɗora abin saurare ba, na'ura tana nuna 90, kuma idan ya fara tari sai ya katse saboda zafin ɗinki. Na ba shi maganin ciwon da likita ya rubuta, na jira kamar rabin awa, na zaunar da shi, na ba shi matashi ya danne wurin ɗinkin da shi, ya ja dogon numfashi ya yi tari sau uku. Kaki mai kauri ya fito, gurnanin ya tafi, na'ura ta hau 96 ba tare da na ƙara masa oksijin ba. Huhunsa lafiya lau, hanya ce ta toshe. Idan kuwa hanya ta buɗe amma lambar ta ƙi hawa, to matsalar tana can ƙasa, inda iska take haɗuwa da jini.

Ma'aikacin jinya a asibitin karkara:
Ni a wurina abin bai kai haka wahala ba. Duk wanda ya faɗi ƙasa da 90 musayar iska nake rubutawa, wanda ke sama kuma kaki.

Sista mai kula da ɗakin tiyata:
Ƙanena, ƙarancin oksijin a jini alama ce ta tangarɗar musaya, wannan ka yi gaskiya, amma bai faɗi dalili ba. Da dattijon nan zai sauka 88 saboda kaki ya cika masa hanya, oksijin ɗin da za ka sa masa ba zai wadatar ba sai an fitar da kakin. Ga shi kuma yatsa mai sanyi ko mai jan farce yakan ruɗi na'urar.

Ungozoma:
Ni kuskurena ta ɗaya ɓangaren ya zo, kuma har yau yana damuna. An kawo mana mai jego, makonni kaɗan da haihuwa, tana haki, tana tari, kumfa tana fitowa. Da na ga kumfa sai na ɗauka kaki ne, na dage da sa ta tari, har na ɗauko na'urar zuƙe kaki. Wata babbar sista ce ta tsayar da ni, ta sa na saurari bayan ƙirjin ta ƙasa, inda na ji ƙara siririya kamar ana murza gashi kusa da kunne, a ɓangarorin biyu, kuma tari bai kawar da ita ba. Matar ba ta iya kwanciya, ƙafafunta sun kumbura, harshenta ya dusashe, ta fara ruɗewa tana fizge-fizge. Zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Zaunar da ita, oksijin da kiran likita nan take su ne abin yi, kuma ni na ɓata mata lokaci.

Malamin makarantar jinya:
'Yata, mai nimoniya yana iya haɗa duka biyun, kuma sunan cutar da likita ya rubuta ba shi ke zaɓar miki ba, abin da kika gani a gado ne. Ni na fi so a rubuta biyun, a sa hanyar numfashi a farko.

Sista mai kula da ɗakin tiyata:
Malam, ban yarda a rubuta biyun a matsayin al'ada ba, domin ɗalibai sukan fake da hakan su ƙi yin bincike. Idan dattijon yana tari da ƙarfi, yana fitar da kakinsa da kansa, hujjar ta farkon ta faɗi.

Ɗalibar jinya:
Na gode. Na duba takardata, na ga ban rubuta komai game da ƙarfin tarinsa ba, kuma ban sake saurarensa bayan ya yi tari ba. Gobe da safe zan koma gadonsa in duba, sannan in kawo muku abin da na ji.