Wai editin kala uku ne, ko dai cutar marubuta ake yi?

Maman Ilham: Jama'a don Allah ku raba ni da wani abu. Na gama littafina babi 32 na ba wani mai editin, ya dawo min da shi wai ya kammala, waɗanda suka karanta suka ce labarin ya kwanta a tsakiya, kuma kakar jarumar da ta rasu a babi na 9 sai ga ta tana magana a babi na 21. Na koma masa wai shi kurakuran rubutu kawai ya duba, gyaran labari aiki ne daban. Ni a wajena editin editin ne, rabe-raben nan duk hanyar tatsar marubuta ce, kuma wallahi ya cuce ni.

Zuwaira: Subhanallahi, Allah ya saka miki Anti. Haka suke, su sa miki waƙafi biyu su ce sun yi aiki.

Alƙalami: Haba 'yar uwa, cuta fa kika ce. Cuta ita ce ka karɓi aiki ka ƙi yi. Me kika ce masa lokacin da kika tura fayil ɗin? In "duba min kurakurai" kika ce kuma ya duba, ina cutar take?

Maman Ilham: Cewa na yi ka gyara min littafi. Littafi na ce.

Zuwaira: Alƙalami ai dama kai ba za ka ga cuta ba tunda sana'arku ɗaya. Wanda ya ga rami ya yi shiru har ka faɗa, bai cuce ka ba?

Alƙalami: Sakaci dai, ba cuta ba. Ku riƙa auna kalma kafin ku jefi mutum da ita.

Malam Habu: Ku yi haƙuri in sa baki. Maman Ilham aikin uku ne da gaske, kuma ido ɗaya ba ya yin su lokaci guda. Na farko gyaran ginin labari, shi mai yin sa ko kallon waƙafi ba ya yi, zai karance littafin kaf sannan ya rubuto miki takarda mai shafuka da yawa. A irin naki zai iya cewa daga babi na 11 zuwa na 17 babu abin da ya sauya, jarumar da damuwar da ta shiga da ita ta fito, to a matse su su koma babi uku, ko ya ce ƙawayenta biyu aiki ɗaya suke yi a labarin a haɗe su su zama mutum ɗaya, ko ya tambaye ki me ya hana ta barin gidan tun babi na 6 tunda ba abin da ya riƙe ta. Ba shi zai sake rubutawa ba, ke za ki koma ki zauna, kuma yana iya cin watanni. Da kika ji masu karatu sun ce ya kwanta a tsakiya, wannan aikin littafin yake nema tun farko.

Ɗan Aji Huɗu: Malam Habu ni ma furojet ɗina sufabaizo ya dawo min da shi duk jan biro, wai in gyara rafarens. Akwai wanda zai min a gurup ɗin nan kafin Litinin?

Anti Bilki (admin): Ƙanina ba wannan ake yi ba, ka bi shi ta bayan fage.

Zuwaira: Duk wannan na masu buga takarda ne. Mu da muke sakin labari feji-feji kullum, masu karatu ne editocinmu, in labari ya kwanta a ranar za su gaya maka.

Alƙalami: Shi ya sa ake ganin jaruma tana shekara 19 a farko, bayan shekara biyar a labarin tana 20. Kuna saki kafin ku san ƙarshen labarin.

Zuwaira: To ku masu takardar mutum nawa ke karanta ku? Kullum raini, ku ne marubuta mu 'yan taifin.

Malam Habu: Zuwaira kina da gaskiya rabi, masu karatu suna jin inda labari ya yi sanyi, sai dai ba kasafai suke gane dalilin ba, kuma fejin da ya riga ya fita ba a janye shi. Wancan na shekaru da Alƙalami ya kawo kuma aiki na biyu ne, tace rubutu, ana yin sa bayan ginin ya zauna ba sauran cire babi. Mai tacewa jimla-jimla yake bi a Word ya kunna Track Changes don ki ga duk abin da ya taɓa ki karɓa ko ki ƙi. Yana kuma buɗe takarda daban yana rubuta sunaye da shekaru da lokuta, in kin rubuta Hafsat a nan, Hafsatu a can, Hafsa a gaba, ya tambaye ki wanne kika zaɓa ya daidaita duka. Shi zai mayar da "ya na" ta koma "yana", ya sa lanƙwasa inda kika bar ta, don "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne, ya kwance jimlar da ba a gane wa ya yi wa wa magana ba. Kuma mai tacewa na kirki da ya rubuta "kaka, ta rasu babi na 9" a takardarsa, yana isa babi na 21 zai tsaya ya ajiye miki tambaya a gefe.

Maman Ilham: Yauwa! Ashe dai aikinsa ne. Kun ji ko.

Alƙalami: Cewa ya yi mai tacewa. Mutumin ki duban ƙarshe ya yi, ba tacewa ba. Kuma ma mutuwar kaka maganar ginin labari ce, ta na farko ce.

Malam Habu: A nan ban bi ka ba Alƙalami, duk wanda ya karanta da hankali ya kamata ya ɗaga ta, ko ba shi zai warware ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne lokacin da aka yi aikin. Duban ƙarshe, wato aiki na uku, ba a fayil ɗin marubuci ake yin sa ba, sai an gama jera shafuka an fitar da PDF yadda za a buga. Nan ake neman harafin da ya faɗi, kalmar da aka maimaita, lambar shafin da ke jerin babi ko ta dace da ta ciki, layi ɗaya da ya maƙale shi kaɗai a saman shafi, da ƙ da ɗ da ɓ ɗin da suka koma akwati saboda samfurin harafin da aka zaɓa ba shi da su. Gyara kaɗan ake yi, don ƙara sakin layi guda yana iya ture shafukan da ke bayansa. Ke kuwa yanzu in kin yanke babi huɗu kin sake rubuta uku, duk abin da ya duba a cikinsu ya tafi, sababbin kuma da nasu kurakuran za su zo.

Zuwaira: Wannan na ƙarshen ai mutum da kansa zai yi.

Malam Habu: Idonki ya haddace rubutun, abin da kika yi niyya yake gani. In ba hali, ki ajiye shi makonni, ki buga a takarda ki karanta a bayyane, amma wani idon ya fi.

Anti Bilki (admin): To a tsaya haka. Abin da aka fahimta dai shi ne masu editin su daina raina marubutan onlayin, kuma wanda aka ce ya gyara littafi ya ga gawa tana magana ya yi shiru bai kyauta ba, nauyinsa ne ya faɗa mata tun farko wane aiki zai yi. Maman Ilham tana da hakki a kansa.

Alƙalami: Ba haka aka fahimta ba Anti, har yanzu ba ta nuna mana saƙon da ta tura masa ba.

Maman Ilham: Malam Habu to kakar fa, in cire ta daga babi na 21 ne ko in ɗage mutuwar tata? Don maganar da ta yi a wajen ita ce ta sa jarumar ta koma gida.