Amo ko ƙara? Neman sunan abin da ke jera baƙaƙe a cikin gaɓa

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ina neman kalmar Hausa ga abin da masana tsarin sauti ke kira sonoriti, da sunan matakansa, da kuma sunan ƙa'idar da ta dogara da shi. Ga inda buƙatar ta taso. Kalmar Turancin da muka ara ta zama kulob tana farawa da /kl/. Wadda ta zama siliki kuwa da /lk/ take ƙarewa. Baƙaƙe biyu ne iri ɗaya, an dai juya su. Amma ba za ka ji kalmar Turanci ta fara da /lk/ ba. Ba zan iya yi wa ɗalibi bayanin dalili ba sai na sami sunan abin da /l/ ya fi /k/. Na fara tunanin "ƙara", amma hankalina bai kwanta ba.

Ɗanlami: Malama, ai wannan muna da shi tuntuni. Ziza ke nan, wato kaɗawar tantanin maƙwallato. /l/ mai ziza ne, /k/ marar ziza. Me za a ƙara nema?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Ɗanlami, ka kamo wani sashe, domin ziza tana cikin abin, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Ɗauki /b/ da /l/. Dukansu masu ziza ne, amma Turanci yana fara kalma da /bl/, ba ya farawa da /lb/. Da ziza ce ke hukunci, da babu bambanci tsakaninsu.

Ku gwada wannan da bakinku. Ku ja /a/ da numfashi ɗaya, sannan /l/, sannan /n/, sannan /s/, sannan /t/, ba tare da kun ƙara ƙarfi ba. A /a/ baki a wangale yake, iska na fita ba abin da ya tare ta, wanda ke nesa ma zai ji. A /l/ harshe ya taɓa hanƙa, iska na bi ta gefensa. A /n/ baki ya toshe, hanci ne kawai a buɗe. A /s/ wata 'yar ƙofa ce ta rage, sai huci. /t/ kuwa ba ya jawuwa sam, ya fashe ya wuce. Abubuwa biyu ne suka haɗu: yawan buɗewar hanyar iska, da kaɗawar tantanin maƙwallato. Su ke sa wani sauti ya fi wani cika kunne.

Tun 1881 Eduard Sievers ya yi magana a kan wannan, Otto Jespersen ya biyo a 1904. Jerin da aka fi koyarwa yanzu shi ne na George Clements na 1990, mai hawa biyar. A ƙasa akwai tsayau irin /t/ da zuzau irin /s/, a ba su 1. 'Yan hanci 2. /l/ da /r/ 3. Kinin wasali, /w/ da /y/, 4. Wasula 5.

Ni "amo" nake ganin ya dace, kuma matakan a ce musu "tsanin amo".

Malama Rabi: Malam, me ya hana "ƙara"? Ita ce ɗalibi zai fi saurin ganewa.

Malam Kabiru: Saurin ganewar ne zai ɓatar da shi. Ƙara a hannun mai magana take: ya ga dama ya ɗaga murya, ya ga dama ya yi raɗa. Abin da muke nema kuwa halin sautin ne, ko an ɗaga murya ko an sassauta, /a/ yana saman /n/. Sannan ki tambayi yaro wanne ya fi ƙara tsakanin /s/ da /m/, zai ce miki /s/, kuma ba ki da hujjar cewa ya yi kuskure, don hucin /s/ yana sukar kunne. Amma a tsanin, /m/ ne a sama. Idan kika ce "amo", kin kawo abin da ke cika wuri yana daɗewa a kunne, wanda /m/ ke da shi, /s/ ba shi da shi.

Sadiya: Don Allah Malam, ni ɗaliba ce, ban gane yadda lambobin ke hana wani jeri ba. Kuma ai Hausa ma tana fara kalma da baƙi biyu: kwana, gyara, tsaya, shiga.

Malam Kabiru: Sadiya, waɗannan haruffa biyu ne a takarda, amma baƙi ɗaya ne a baki. A "kwana" leɓɓanki sun riga sun kewaye kafin ki saki /k/, ba wai kin gama ɗaya kin shiga ɗaya ba. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Babu cincirindon baƙaƙe a farkonta, shi ya sa muke cusa wasali a direba da tirela da gilashi.

Batun lambobi kuma, ɗauki gaɓa kamar tudu guda. Ana hawa daga farkonta zuwa wasali, a gangara daga wasali zuwa ƙarshe. Duba /print/, tushen kalmar firinta. /p/ 1, /r/ 3, /i/ 5, /n/ 2, /t/ 1. Kin hau 1, 3, 5, kin gangara 5, 2, 1. Ƙololuwa ɗaya, don haka kunne ya ji gaɓa ɗaya. Yanzu juya baƙaƙen ki ce /rpitn/. Lambobin sun koma 3, 1, 5, 1, 2. Kin fara daga sama, kin faɗa ƙasa, kin hau, kin faɗa, kin sake ɗagowa. Ƙololuwa uku ke nan, kuma in kin furta za ki ji bakinki na neman raba ta uku. Haka /kl/ take 1 zuwa 3, hawa ne, ta dace da farko. /lk/ kuwa 3 zuwa 1, gangara ce, wurinta ƙarshe.

An ma gwada kunnen mutane a kan haka. Iris Berent da abokan aikinta, a 2007, sun sa masu jin Turanci sauraron ƙagaggun kalmomi irin /bnif/ da /bdif/ da /lbif/, waɗanda duk babu irin farkonsu a Turanci. Wadda suka fi ji kamar gaɓa biyu ita ce /lbif/, mai farawa da gangara.

Saboda haka ƙa'idar zan kira ta "ƙa'idar hawa da gangara".

Ɗanlami: Malam, "hawa da gangara" fa za ta rikice da karin sauti. Can ma ana cewa sama da ƙasa da faɗau. Ni "jerin amo" ya fi kwanta mini, gajere ne kuma kalmar amo na ciki.

Amma ina da ja a kan ƙa'idar kanta. Sito da sitiyari daga kalmomin da ke farawa da /st/ suka fito. A jerin da ka kawo /s/ da /t/ duk 1 ne, babu hawa. Masu raba zuzau da tsayau kuma suna ɗora /s/ a saman /t/, ka ga gangara ce a farkon gaɓa. To ina ƙa'idar?

Malam Kabiru: Wannan ja ne na gaskiya, kuma masana ba su gama da shi ba. /sp/ da /st/ da /sk/ su ne sanannun masu karya ƙa'idar. Wasu sun ce wannan /s/ ɗin ba ya cikin gaɓar, rataye yake a gefenta. Suna kafa hujja da Sifaniyanci, wanda ke karɓar /pl/ da /tr/ a farkon kalma, amma in ya ga /s/ da baƙi sai ya sa /e/ a gaba, /s/ ya koma ƙarshen wata gaɓa. Wasu sun ce a'a, hucin /s/ yana jiyuwa da kansa ko babu wasali kusa, shi ya sa yake iya tsayawa inda /p/ ba zai iya ba. Ni na biyun ya fi gamsar da ni, don ya faɗi dalilin da ya sa /s/ ne ke yin haka a harsuna da yawa ba wani baƙin ba.

Rashanci ma yana da /rta/ da /lba/, siffofin kalmomin baki da goshi, gaɓa ɗaya kowacce. Don haka ƙa'idar ba ta cewa gangara ba za ta taɓa zuwa a farko ba. Abin da aka fi gani shi ne, harshen da ya yarda da irin /lb/ a farko yakan yarda da irin /bl/, amma ba lallai wanda ya yarda da /bl/ ya yarda da /lb/ ba.

Kuma hawa kaɗai ba ya isa. /kn/ hawa ne, 1 zuwa 2. Jamusanci yana furta shi a farkon kalmar gwiwa, Turanci kuwa ya daina furta /k/ ɗin, sai a rubutu ya rage. In ban da kalmomin da ke farawa da /s/, Turanci na son tazara ta kai hawa biyu. Ko da tazarar ma, ba ya fara kalma da /tl/, domin duka biyun a hanƙa ake yin su. Wannan hanin ba ruwansa da amo.

Hajiya Asabe: Malam Kabiru, tun ɗazu ina bin ku. Idan Hausa ba ta da cincirindo, me ya kawo mu ƙirƙiro kalma don bayanin harsunan wasu? Ni a Hausar da na tashi da ita "sabro" da "amre" da "zamna" nake cewa, ɗalibaina na cewa "sauro" da "aure" da "zauna". Wannan ya fi damuna.

Malam Kabiru: Hajiya, ai kin kawo mu gida. Baƙaƙe suna haɗuwa a Hausa, sai dai a tsakanin gaɓa biyu. Harsuna sun fi son baƙin da ke rufe gaɓa ya fi mai buɗe ta gaba amo. A "sab-ro", /b/ 1 ne, /r/ 3, an yi hawa a inda ake son gangara. Hausar gabas ta mai da /b/ zuwa /w/, ya zama 4 sannan 3. "Am-re" 2 da 3 ne, "aure" 4 da 3. August Klingenheben ne ya fito da wannan sauyi a 1928, kuma bai tsaya kan 'yan leɓe ba. Duba talaka da talauci, inda /k/ ya koma /w/. Duba fatake da farke, inda /t/ ya koma /r/. Duk baƙin da ya sauya, sama ya hau a tsanin.

Hajiya Asabe: To tafki da tsafta fa? Iska da kaska fa? Ba su sauya ba. Sannan masu nazarin waƙa sun riga sun ɗauki "amo" a amsa-amo. Ɗalibin da ya fito daga darasin waƙa zai zaci ƙafiya ake nufi. Ni da "cikar sauti" kuka ce.

Malama Rabi: Hajiya, "cikar sauti" ta yi daɗin ji, amma da na ce /k/ ba shi da cika, ɗalibi zai ɗauka ba a furta shi daidai ba ne. Zan fara aiki da "amo" da "tsanin amo". A kan ƙa'idar kuma na bi Ɗanlami, "jerin amo", saboda kada ta haɗu da karin sauti. Saura tafki da tsafta. Malam, shin sauyin ne bai kai gare su ba, ko kuwa saboda /f/ da /s/ suna saman /k/ da /t/ ne, gangarar ta riga ta samu? In na biyun ne, to tsani mai hawa biyar bai ishe mu ba a Hausa, sai mun raba zuzau da tsayau ya zama shida.