Abin da muka tsinta kan tallan maganin sauro

An yi doguwar tattaunawa kan tallan maganin sauro da aka fassaro daga Turanci don gidan rediyo a Zariya. Ga taƙaitawa:

1. Kowa ya yarda ma'ana ta goce. Asalin tallan cewa ya yi maganin yana korar sauro, fassarar kuwa ta ce "yana maganin zazzaɓin cizon sauro". Wannan ne ya fi damuna, don uwa za ta iya kunna shi a ɗaki ta fasa kai yaro asibiti. Shawara ita ce a ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da Hausar zuwa Turanci, sannan a kwatanta.

2. "Ka ji daɗin dare mai 'yanci daga sauro" ba maganar Bahaushe ba ce. Aka zaɓi "Ku yi barci lafiya, ba sauro". "Ku" ta haɗa maigida da uwargida.

3. An rabu kan muryar matar da ke kiran mijinta da sunansa. Wasu sun ce a Sabon Gari da Samaru ba zai dami kowa ba, wasu suka ce a cikin Birni zai yi nauyi a kunne, gara ta ce "Malam" ko "Baban yara".