Asabar za mu ɗauki bidiyon gudawa, ba wadda ta iya zane a cikinmu

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Mu biyar ne a ƙungiyarmu, tun bara muke bi gida-gida kan gudawar yara, har mai unguwa ya ba mu zaurensa muna taro duk Laraba. Yanzu za mu yi bidiyon minti ɗaya kan haɗa ruwan gishiri da sukari, mai ɗauka ya ce sai ya ga sitoribod, wato zanen yadda bidiyon zai tafi daki-daki. Ƙanwata ta gwada, ba a gane uwa ba a gane jariri. Ya za mu yi?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba kyan zane yake nema ba, so yake ya san inda zai tsaya da kyamara. Ki raba takarda gida shida. Mutum kuwa, da'ira ce kai, layi ne jiki, ki rubuta "uwa" a samansa. Girman abu a cikin gidan shi ne saƙon. In mutum ya fito ƙarami, daga nesa ke nan. In hannu ya cika gidan, a matso. Gida na farko uwa da yaro a tsakar gida, na biyu wanke hannu, daƙiƙa takwas-takwas. Na uku a matso, ana juye ledar fiya wata biyu a jug, lita ɗaya ke nan, daƙiƙa goma. Sauran a zuba garin, a ba yaro, malamar asibiti ta rufe. Ƙarƙashin kowane gida ki rubuta maganar, ki karanta da ƙarfi kina duba agogo. In ta wuce lokacinta, a rage ta.

Zainab: Ku bar zanen nan. Ku tsaya yadda za a yi, a ɗauki hoto shida da waya.

Malam Habu: Hoto yana kwaso tarkacen bayan gida, mai ɗauka ya rasa abin da ake nufi.

Baban Khalifa: Ni dai ku rubuta yarjejeniya. Namu mai ɗaukar ya karɓi kafin alƙalami, har yau shiru.

Anti Ladi: Wanne za ku nuna, garin leda na kemis ko haɗin gida? Ban ga kin faɗa ba. In na gida ne, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe ba tozo. Awon gishirin ya samu gidansa shi kaɗai, an matso sosai, don in ya yi yawa cutar da yaro zai yi. Ni da na leda zan nuna, da ƙwayar zink.

Maman Ilham: Na gida ne Anti. Matanmu cikin dare abin ke kama su, kemis a rufe. Kuma gida shida ba zai ishe mu ba, mun riga mun yi wa mai unguwa alƙawarin zai yi jawabi.

Malam Habu: A minti ɗayan? To wane gida za ki cire?