Karsanata na naƙuda, ƙafafu biyu sun fito amma babu kai

Assalamu alaikum makiyaya da likitocin dabbobi, ku taimaka mini. Karsanata Bunaji ce, haihuwar fari, kuma babban bijimin Bokolo ne ya hau ta. Faya ta fashe awa 2 da suka wuce. Tun lokacin take yunƙuri, amma kofato biyu kawai suka leƙo.

Na wanke hannu da sabulu, na shafa man gyaɗa, na zura. Ƙafafun gaba ne, domin tafin kofaton ƙasa yake kallo, kuma gaɓoɓi biyun farko gefe ɗaya suke lanƙwashewa. Sai dai inda ya kamata in taɓa hanci kwance kan ƙafafun, wuya na tarar ya karkata, kan ya koma wajen haƙarƙari. Maraƙin yana da rai, na matsa tsakanin kofatonsa ya janye ƙafa.

Maƙwabta sun ce a ɗaura igiya a ja, na hana, tsoron kada mahaifa ta yage. Abin da ya gagare ni shi ne tura shi ciki in sami sararin juyo kan. Da na tura lokacin da ta huta, sai wani yunƙurin ya maido shi. In tsayar da ita gabanta ya yi gangare, ko kuwa? A muƙamuƙi ake kamawa, ina rufe haƙoransa da tafina?

Idan kan ya miƙe amma ya ƙi shiga ƙugu tare da ƙafafun, ko da mutum biyu sun ja, tiyata ke nan? Likitanmu sai nan da awa 3, uwar kuma ta fara galabaita.